Yadda ake koyon gaisuwar Larabcin Hijaz: me za ka fara riƙewa, kuma yaya za ka furta shi

Ɗan yayata ya sauka Jidda da Larabcin Islamiyya cike da baki. Ya sauke Alƙur'ani, ya yi nahawu daidai gwargwado, don haka da na ce masa zauna in koya maka gaisuwa sai ya yi dariya, ya ce, "Haba Kawu, gaisuwa kuma?" Washegari muka fito sayen burodin tamis a Makka, maƙwabcina dattijo yana zaune bakin ƙofa, yaron ya matsa ya ce masa *kaifa haluka ya sayyidi*. Dattijon ya fahimta sarai, ya yi murmushi, ya sako masa gaisuwa huɗu a jere cikin numfashi ɗaya. Yaro ya tsaya yana kallona kamar an ɗauke wuta. Ko ɗaya bai kama ba, balle ya amsa.

Wannan ita ce matsalar, kuma a kanta na gina duk abin da ke ƙasa. Furta gaisuwa ba ta da wuya, domin kai ka zaɓi lokacinka, ka shirya bakinka. Amsawa ce ke kunyata baƙo. A Larabcin nan kusan kowace gaisuwa tana da amsarta da aka yanka mata, kamar yadda ba wanda zai ce maka "ina gajiya" ka ce "sai godiya". Saboda haka kada ka taɓa haddace gaisuwa ita kaɗai. Haddace ta da amsarta, kuma ka fi ba amsar ƙarfi.

Abin da zan koyar shi ne bakin mutanen Makka da Jidda da Madina, wato Hijaz. Na Riyad da sauran Najad ya ɗan bambanta, zan taɓo shi a gaba.

Game da rubutun: wasalin da aka ja zan ninka shi, kamar *salaam*. Babban H a tsakiyar magana shi ne ha ƙarami na allo (na san abin dariya ne a rubuta ƙarami da babba, a yi haƙuri), *kh* shi ne ha mai ruwa, alamar ' ita ce ainun. Babban S da T da D su ne sodi da ɗa mai hannu da lodi.

Mataki na farko: gyara sallamar da ka riga ka iya

Kada ka fara da sabon abu. Fara da *assalaamu 'aleekum*, domin ita ke buɗe kowace ƙofa, a shago, a tasi, a ofis, a waya, da safe ko da dare. Amsarta *wa 'aleekum assalaam*, kuma mutanen nan suna son cikawa da *wa raHmatullaah wa barakaatuh*, bisa ayar nan ta 86 a Suratun Nisa'i da ta ce a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko kwatankwacinta. Wanda ya shigo shi ke yi wa na zaune, yaro ya yi wa babba. Wannan duk ka sani tun gida.

Abin da za ka gyara biyu ne. Na ɗaya, mu muna cewa "alaikum", su kuma a maganar yau da kullum *ai* ɗin nan sun mayar da shi *ee* mai tsawo. Riƙe wannan da kyau, don doka ce da ta ratsa harshen gaba ɗaya: kaifa ta zama *keef*, khair ta zama *kheer*, bait ta zama *beet*. Haka *au* ta zama *oo*, shi ya sa yaum ta koma *yoom*. Da wannan kaɗai kalmomi masu yawa da ka sani a littafi za su fara fitowa fili a kunnenka.

Na biyu ya fi wuya, kuma yawancinmu ba mu ma san muna yin sa ba. Bahaushe yana jan wasali, ai da shi muke bambanta fari na launi da faari na ƙwaro. Amma ba ma jan wasali idan baƙi ya rufe gaɓar. Harshenmu bai yarda da wannan ba, sai ya datse shi. To *salaam*, *kheer*, *nuur*, *keef* duk irin wannan gaɓar ce: wasali dogo, sannan baƙi ya rufe. Bakinka zai so ya ce "salam", "nur", "kef" a gajarce. Maganinsa ka fara faɗin *salaa*, ka riƙe kamar kana kiran wani daga nesa, sannan ka rufe leɓe a hankali da *m*. Yi haka sau goma, *nuu* sannan *r* sau goma. Za ka ji kamar kana wuce gona da iri. Ba ka wuce ba, daidai ke nan a kunnen Balarabe.

Mataki na biyu: tambayar lafiya, da yanke wutsiyar kalma

Ga namiji *keef Haalak*, ga mace *keef Haalik*, ga jama'a *keef Haalakum*. A nan Bahaushe ya ci gado, domin mu ma muna da ka da ki da ku. Bature sai ya yi wata yana rikita su, kai kuwa gidanka, gidanki, gidanku ne aka ɗan juya: *ak* ga namiji, *ik* ga mace.

Amsa mafi sauƙi, wadda ba ta taɓa zama kuskure, ita ce *alHamdulillaah*. Kana iya ƙara *bikheer* ko *Tayyib* a gabanta, mace ta ce *Tayyiba*. Sannan ka mayar: *wa inta?* ga namiji, *wa inti?* ga mace. Za ka kuma ji *eesh akhbaarak*, wato ina labari, amsarta dai *bikheer, alHamdulillaah*.

Kuskuren ɗan yayata shi ne wasalin ƙarshe. Kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, Larabcin littafi ma da wasalin li'irabi muka koye shi, sai abu biyu suka haɗu suka sa mu cewa "kaifa haluka". A titi ba a yi. Kalma tana tsayawa cak a kan baƙi: *keef*, *Haalak*. Kuma kada ka ɗauka wannan kwalliya ce kawai, wani lokaci ma'ana take canzawa. Idan za ka roƙi namiji wani abu, *law samaHt* ake cewa, wato don Allah. Ga mace *law samaHti*. Baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma abu ne da harshenmu ke gudu, sai ya lalubo *i* ya liƙa don ya huta. Shi ke nan ka kira ƙaton ɗan sanda da lafazin mata. Na ga an yi, na kuma ga yadda fuskar mutumin ta canza. Koyi rufe *t* ɗin da ɗan ƙaramin numfashi kawai, harshe ya taɓa bayan haƙora ya tsaya.

Sai *f* ta *keef*. Tamu da leɓe biyu muke hura ta, shi ya sa wani ya ce "kep", wani ma ta tafi wajen *h*. Tasu haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa. Tsaya gaban madubi: idan ba ka ga haƙoranka na sama sun taɓa leɓe ba, ta Hausa ka yi.

Mataki na uku: haruffa uku na maƙogwaro

A nan za ka fi daɗewa, kada ka yi gaggawa. Hausa *h* ɗaya gare ta, Larabci yana da uku da muke tarawa a cikinta, ga kuma ainun da muke haɗiyewa. Wanda ya yi tajwidi a gaban malami ya san su, sai dai da yawa suna fitar da su a karatu, da an koma hira kuma su watsar.

Ha ƙarami, na *Haalak* da *alHamdulillaah* da *SabaaH*. Ka tuna yadda kake hura wa gilashin tabarau iska daga can ciki don ka goge shi, ko yadda kake yi idan shayi ya ƙona maka harshe. Iska ce tsantsa mai ɗumi, maƙogwaro a ɗan matse, babu karta ko kaɗan. Gwaji: sa tafin hannu gaban baki, ka ce *ha* ta Hausa, sannan ka ce wannan. Ta biyun ta fi tsawo da ƙarfi, kuma za ka ji wuyanka ya yi aiki.

Ha mai ruwa, na *kheer* da *akhbaar*. Wannan yana da karta. Sa harshe inda kake yin *k*, amma kada ka toshe hanyar gaba ɗaya, bar iska ta kurɗa tana gogawa, kamar mai shirin kakin majina a hankali. Idan ka sa murya a ciki ya koma wani harafin, *kheer* ta zama *gheer*, alheri ya koma "wani daban".

Bari in ba da nawa abin kunyar. A shekarata ta farko, da na samu *kh* ta zauna a bakina, daɗi ya kwashe ni, na shiga zuba ta ko'ina. Na je gaida wani dattijo mai shago a unguwarmu na ce masa *keef khaalak*. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya ce *khaali maat min zamaan, Allaah yirHamu*. Kawunsa ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. *Haal* hali ne, *khaal* kuwa kawu, ɗan'uwan uwa. Na tambaye shi lafiyar kawunsa ke nan. Har ya bar unguwar, in ya hango ni sai ya ce in gaida nawa kawun. Tun daga ranar nake sa duk wanda nake koya wa ya jera *Haal, khaal, Haal, khaal* har sai na iya bambanta su idona a rufe. Kai ma nemi wanda zai rufe ido ya saurare ka. In ya kasa faɗin wanne ka ce, ba ka iso ba tukuna.

Sai ainun, na *'aleekum* da *'afwan* da *'aafya*. Wuri ɗaya yake fita da ha ƙarami, bambancin shi ne da murya ake yin sa. Hanya mafi sauƙi: ja ha ƙarami, kana cikin ja sai ka kunna muryarka ba tare da ka saki matsin wuyan ba. Ɗora yatsu biyu a maƙogwaro, za ka ji rawar murya ta shigo. Abin da ba a so shi ne ka yanke numfashi ɗif kamar a "sa'a" ko "jama'a" ta Hausa. Wannan hamza ce, kuma ita ke mayar da *'amal*, aiki, ya koma *amal*, buri. Gaskiya ainun yakan ɗauki watanni kafin ya zauna, kuma ko da bai fita tsaf ba za a gane gaisuwarka. Kada ka jira shi kafin ka fara gaida mutane.

Mataki na huɗu: safe, yamma, da sannu da aiki

Da safe *SabaaH alkheer*, amsa *SabaaH annuur*. Daga bayan azahar har dare *masaa alkheer*, amsa *masaa annuur*. Babu rarrabuwar ina kwana, barka da hantsi, barka da rana, ina wuni irin tamu, biyun nan sun wadatar. Sodin *SabaaH* mai kauri ne: bar bakin harshe inda yake yin *s*, ka ɗaga bayansa, ka cika baki, wasalin da ke biye zai yi nauyi ya karkata wajen *o* kaɗan. Bambancin *Seef*, lokacin zafi, da *seef*, takobi, ke nan.

Amma in ka tambaye ni gaisuwar da ta fi saye zuciyar mutane a nan, ita ce *yi'Tiik al'aafya*, Allah ya ba ka lafiya. Ita ce sannu da aikinsu. Ka faɗa wa direba, da mai gadin gini, da ma'aikacin da ya buga maka hatimi, da mai shara a Harami. Ana buɗe magana da ita, ana kuma rufewa da ita. Amsarta *Allaah yi'aafiik*. Ga mace *yi'Tiiki* da *yi'aafiiki*. Kalmar ba baƙuwa ba ce, lafiyarmu daga *al'aafiya* ta fito. Sai dai a kula da mutanen Maroko, a bakinsu kalmar wuta take nufi, gara ka yi musu wata addu'ar.

Lura da *T* ɗin nan na *yi'Tiik* da *Tayyib*. A allo mun koye shi da *ɗ*, shi ya sa muke da Ɗayyabu da ɗawafi da ɗalibi. Balarabe bai san *ɗ* ba, in ka ce "ɗayyib" abin da zai ji ya fi kusa da *d*. Yi *t* ta Hausa, ka ƙara mata kaurin nan da ka yi wa sodi. Haka lodi: mu mun mayar da shi *l*, ga alƙali da alwala da Ramalana sheda. A nan *d* ne mai kauri. Za ka buƙace shi a *atfaDDal*, wato bismillah, shigo, zauna, karɓa, wadda za ka ji sau ashirin a rana. Ga mace *atfaDDali*. In an ce maka ita a kan abinci ba ka da niyyar ci, *bil'aafya* ko *shukran* ta isa, tare da ɗora hannu a ƙirji.

Wannan baƙi mai ninki na *atfaDDal* da *Tayyib* bai kamata ya ba ka wahala ba, mu da muke da "baba" da "babba". Ka dai kula kada ka sake shi. Makka cike take da tantabaru, sunansu *Hamaam*, banɗaki kuma *Hammaam*. Alhazai nawa ne suka tsaya a harabar Harami a matse suna tambayar ina tantabaru suke?

Mataki na biyar: godiya, ban haƙuri, sallama

Nan da sauri za mu wuce, don ba su da sarƙaƙiya. *Shukran*, amsa *'afwan* ko *al'afu*. *Jazaak Allaah kheer*, amsa *wa iyyaak*. In ka taka wani a cunkoso, ko kana so ka ce ba komai, *ma'leesh*. Rabuwa *ma'assalaama*, amsa *Allaah yisallimak* ko *fii amaanillaah*. In an ce maka *ahlan wa sahlan*, ka ce *ahlan biik*. In an ce *Hayyaak Allaah*, ka ce *Allaah yiHayyiik*.

Ka lura da wani abu a amsoshin nan? Yawancinsu gini ɗaya ne: sunan Allah, sannan aikatau daga saiwar kalmar da aka faɗa maka. An ce *'aafya*, ka ce *yi'aafiik*. An ce *salaama*, ka ce *yisallimak*. An ce *mabruuk*, ka ce *Allaah yibaarik fiik*. Da ka gane wannan, haddar ta ragu da rabi. *Allaah yisallimak* kaɗai tana amsa uku: sallamar rabuwa, da *alHamdulillaah 'assalaama* da ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya, da *salaamtak* da ake yi wa marar lafiya. Kuma ranar da aka jefo maka wata addu'a da ba ka taɓa ji ba, *aamiin, wa iyyaak* za ta fitar da kai kunya.

Abu ɗaya mai daɗi: ƙaf a nan *g* ce, irin ta gida. Gahawa *gahwa*, zuciya *galb*, katin zama *igaama*, ƙaramin shagon unguwa *bagaala*. Bayan salla wani zai miƙo hannu ya ce *tagabbal Allaah*, ka ce *minna wa minkum*. Yi amfani da *g* ɗin, ta fi maka aminci, domin *ƙ* tamu a kunnensu tana kama da *k*, kuma tsakanin *galb* da *kalb* akwai zuciya da kare. Sunan Alƙur'ani da karatunsa kuwa suna nan da ƙaf ɗinsu na asali.

Yadda abin yake a aikace

Bayan mako guda na sake fita da yaron nan wurin maƙwabcin namu. Ga yadda ta kaya, na kuma rubuta ne don ka ga tsarin.

Ya ce, *assalaamu 'aleekum yaa 'ammi*. Dattijo ya ce, *wa 'aleekum assalaam wa raHmatullaah, Hayyaak Allaah, keef Haalak, eesh akhbaarak, keef al-ahal?* Duk a haɗe, bai tsaya ba.

A nan ne tarbiyyar gida ke ruɗa mu. Gaisuwar Hausa bi da bi ce, a tambaya ka amsa, a sake tambaya ka amsa, tun daga kwana har gajiya da iyali. Su kuwa kowa zubo tasa yake yi, sau da yawa a lokaci guda, ba mai jiran amsar kowace ɗaya. Don haka na riga na gaya masa kada ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kama ta farko ya amsa, ya dunƙule sauran. Ya ce, *Allaah yiHayyiik, bikheer alHamdulillaah, wa inta keef Haalak?* Dattijo ya ce *alHamdulillaah*, ya nuna kujera, *atfaDDal, gahwa*. Yaro ya ɗora hannu a ƙirji ya ce *shukran yaa 'ammi, yi'Tiik al'aafya*. Aka ce masa *Allaah yi'aafiik*.

Daga nan dattijon ya ɗauka yaro ya iya, ya ɓalle da labari mai tsawo. Wannan zai faru da kai, domin ladan gaisuwa mai kyau shi ne a yi maka magana da sauri. Tanadi jimloli uku na tsira: *maa fihimt*, ban gane ba, *shwayya shwayya*, a hankali, *ana jadiid hina*, ni sabo ne a nan. Ka ga *fihimt* ma da baƙaƙe biyu ta ƙare, a kula da wutsiyar. Yaron ya faɗi ta uku, dattijo ya yi dariya ya rage gudu.

Abu biyu na gyara masa da muka dawo. Ya ɗan rusuna zai durƙusa kamar yadda zai yi wa babba a gida. A nan ba a yi, wasu ma suna ƙyamar abin ta fuskar addini. Girmamawa ita ce musafaha a tsaye, in dattijo ne na jiki a sumbaci kansa. Na biyu, waƙar muryarsa. Hausa da hawa da saukar murya take tafiya, kowace gaɓa da nata, Larabci kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa a kalma, sauran su bi ta a sake. A *Haalak* da *shukran* ta farko ake dannawa, a *salaam* da *SabaaH* ta ƙarshe, mai dogon wasali. In ka rera gaisuwar da karin "ina kwana", ko haruffanka sun fita za a san daga inda ka zo tun kafin ka rufe baki. Ba laifi ba ne, amma yana sa kunnensu ya yi jinkirin kamawa.

Kiran mutane kuma: dattijo *yaa 'ammi*, dattijuwa *yaa khaala*, sa'anka *yaa akhuuya*, wanda ba ka sani ba a Makka *yaa Haajj* ko *yaa Hajja* ba ta ɓaci. In ka san sunan babban ɗansa, *abu* wane ya fi komai daɗi a kunnensa. Namiji ba ya tambayar namiji matarsa kai tsaye, *keef al-ahal* ko *keef al'iyaal* ake cewa, kamar dai "ya iyali" tamu. Kuma kada ka miƙa wa mace hannu, sallama da baki ta wadatar.

Daga bakin wa za ka ɗauka

Wannan ya fi duk abin da na rubuta muhimmanci, domin takarda ba ta da murya. Jarrabawar sabon zuwa ita ce ya sauka a Shara Mansur ko Misfala a Makka, ko Karantina in a Jidda ne, inda zai yi wata bai buƙaci Larabci ba, daga mai tuwo har mai aski Hausa ake yi. In kuma ya fita, da ma'aikata 'yan Indiya da Bangaladash da Pakistan yake hulɗa, su kuma akwai wani guntun Larabci da ake yi da su, na *keef Haal sadiig*, *fii*, *maafi*, wanda ba ya bambanta namiji da mace, ba ya juya aikatau. Yana biyan buƙata a kasuwa, amma in ya riga ya zauna a harshenka fitar da shi aiki ne, kuma duk wanda ka yi wa shi da irinsa zai amsa maka.

Malamin da ya fi dacewa da kai yana kusa: Hausawan da aka haifa a nan, jikokin waɗanda suka zo aikin hajji tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan suka zauna. Da yawansu Hausawi ne sunan danginsu, kamar Usama Hausawi da ya riƙe kambun ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Larabcinsu na Hijaz ne tsantsa, wasu kuma har yanzu suna jin Hausa, sun san daidai inda harshenmu ke tuntuɓe. Samu ɗaya, ka roƙe shi ya ɗaukar maka gaisuwar nan a waya, kowace da amsarta, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da saurin titi. Saurara, ka maimaita, ka ɗauki taka muryar, ka jera su ka ji bambanci. Kunnenka zai kama abin da bakinka ke ɓoye maka.

Kada ka ɗauki fiye da gaisuwa biyu da amsoshinsu a rana. Minti goma da safe, sannan ka fita ka kashe su a kan mutum uku na gaske kafin la'asar: mai bagala, mai gadi, maƙwabcin sahu a masallaci. A haka cikin mako guda ka gama mafi yawan abin da ke sama. A mako na biyu ka juya aikin, abokin naka ya riƙa jefo maka gaisuwa ba tsari, kai kana amsawa. In ka yi shiru fiye da ƙiftawar ido kafin amsa ta fito, wannan gaisuwar ta koma layin gobe.

Za ka kuma ci karo da waɗanda ba na Hijaz ba, kada su firgita ka. Mutumin Riyad zai ce *shloonak* ko *wish loonak*, ya tarbe ka da *hala wallah*. Bamisire zai ce *izzayyak*. Ɗan Sudan zai ce *keef, tamaam?* ya kira ka *yaa zool*. Ba sai ka iya faɗinsu ba, ka dai gane cewa lafiyarka ake tambaya, kuma *bikheer alHamdulillaah* tana amsa su duka.

Na lokuta na musamman ka bar su sai lokacinsu ya matso, ka koye su kwana biyu kafin ranar. Da Salla za ka ji *kull 'aam wa intu bikheer*, ka ce *wa inta bikheer*; mutanen Hijaz kuma suna cewa *min al'aaydiin*, a amsa da *min alfaayziin*. Ta'aziyya ce kaɗai ba ta sanarwa, don haka ita ka riƙe ta tun yanzu: in ka shiga gidan makoki, ka bi layin masu karɓar gaisuwa, ka ba kowane hannu ka ce *'aZZam Allaah ajrakum*, da *z* mai kauri irin na sodi, a ninke. Ba a son doguwar magana a wurin, ka faɗa ka matsa gaba, na bayanka yana jira.